Saƙo ga Hajiya mai sabulun ruwa

Assalamu alaikum, Hajiya. Barka da war haka, ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Ba ki san ni ba, don haka bari in fara da inda na samu lambarki. A jikin robar sabulun ruwanki na gan ta, mai ƙamshin lemon tsami, ta rabin lita. Maiɗakina ce ta sayo wata biyu da suka wuce, kuma tun daga nan ba ta yarda a kawo mata wani. Ke kaɗai na rubuta wa wannan saƙo, da hannuna.

Sana'ata ɗab'i ce. Ina da ƙaramar maɗaba'a, ni da yara uku, shekara tara ke nan muna buga sitika, rasit da katin kasuwanci. Abin da ya sa na yi karambanin rubuto miki shi ne sitikar da ke jikin robar nan. Kafin sabulun ya kai rabi ta jiƙe, gefenta ya ɗago, rubutun ya fara dushewa. Da ƙyar na karanto lambobi biyun ƙarshe na wayarki. Abin ya dame ni, domin lokacin da sabulu ya ƙare ne mai saye yake neman lambar, ya ce a ƙaro masa.

Wanda ya buga miki ya yi aiki mai tsabta, launin ma ya fita. Matsalar daga takardar take. Sitikar takarda ta dace da kwali ko kayan da ba sa haɗuwa da danshi, amma robar da ke zaune a bakin famfo kullum, ana ɗaukarta da jiƙaƙƙen hannu, sitikar roba take so, a kuma shimfiɗa mata siririyar leda a sama don ta kare tawadar. Ruwa ba ya shigarta, kumfa ba ya cin rubutun. Ta fi ta takarda tsada, wannan gaskiya ne, kuma gara ki ji daga bakina tun yanzu. Akwai kuma abin lura guda: leda mai sheƙi ba ta riƙe tawadar hatimi sosai, don haka idan da hatimi kike sa ranar haɗawa da ranar ƙarewar aiki, sai mu buga ranakun tare da sitikar, ko mu gwada marar sheƙi mu gani.

Ga abin da nake roƙo. Ki ba ni dama in buga miki guda 20 na gwaji, da zanenki yadda yake, ba tare da kin biya komai ba. Ki manna su, ki ajiye roba ɗaya a wurin wanke-wanke na mako biyu, ki kwatanta da wadda kike amfani da ita yanzu. In kin ga bambanci, sai mu yi maganar adadi da farashi. In ba ki gani ba, sitikun naki ne, ba na binki bashin komai.

Abin da zan buƙata kaɗan ne: tsawo da faɗin sitikar, da fayil ɗin zanen na asali, PDF in akwai. Don Allah kada a turo shi a matsayin hoto, saboda manhajojin hira suna matse hoto, ƙananan rubutu su fito a dagule. Ni zan duba cewa ya kai ɗigo 300 a kowane inci, in kuma ƙara milimita 3 a kowane gefe don kada farin layi ya bayyana wajen yanka. Launin da ake gani a waya yakan fi na bugu haske, musamman koren nan naki, shi ya sa na fi son ki riƙe samfurin a hannu kafin ki yanke shawara. Zanenki kuwa amana ne, ba zan nuna wa kowa shi ba sai da izininki.

Idan kina da mai yi miki aiki kuma kin gamsu da shi, babu damuwa, ki ce masa kawai ya canza miki zuwa ta roba, zai gane. Idan ban ji daga gare ki ba, ba zan sake damunki da wani saƙo ba, kuma ba zan sa lambarki a wani zaure ko jerin talla ba.

Na gode da kika karanta har ƙarshe. Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko akwai mai lita ɗaya.

Allah ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.