Neman farashin fitilun sola, guda 500 don gwaji

Zuwa ga Manajan Sashen Ciniki,

Barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan lantarki, sari da ɗai-ɗai, shekara shida ke nan. Na samu kundin kayanku a wurin wani abokin sana'a da ya halarci baje kolin Kanton a Guangzhou cikin watan Oktoba.

Abin da ya ja hankalina shi ne fitilarku ta sola mai cajin waya. Ina so in fara da guda 500. Idan ta karɓu, zan riƙa ɗaukar 2,000 duk wata uku. Don Allah ku aiko mini da farashinta da dala har zuwa lodi a jirgin ruwa, mafi ƙarancin odar da kuke karɓa, da kwanakin da haɗa kayan zai ɗauka. Garantin batir fa, wata nawa ne? Nan ne masu saye suka fi kawo ƙorafi.

Zan biya kuɗin samfur biyu da na aikowa. In mun daidaita, kashi 30 zan tura ta banki tun farko, ragowar idan na ga takardar lodi.

Ina jiran amsarku. Na gode.

Naku,
Mai shagon