Takardar Shaida Kan Malam Nura Abdullahi, Tsohon Ma'ajin Sito

Daga Alhaji Kabiru Isa Gwarzo,
Dillalin wake, shinkafa da gero,
Kasuwar Mil 12, Ketu, Legas.

14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Hajiya Rabi Usman,
Mai siton kayan abinci,
Agege, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe Hajiya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ya kasuwa, ya jama'a? Saƙonku ya iso mini ta hannun Malam Nura Abdullahi cewa kuna son jin ta bakina a kansa kafin ku damƙa masa sitonku. Kun ce kada a yi muku kara, a faɗi inda yake da ƙarfi, a faɗi inda yake da saura. Haka zan yi, domin dukiya za ku ba shi, kuma shaida abu ce da za a tambaye ni a kanta gobe ƙiyama.

Malam Nura ya yi aiki a wurina daga Janairun 2020 zuwa ƙarshen Agustan 2024. Ya fara da ƙirga buhuna a bakin mota, bayan shekara guda na ba shi makullin sito da littafin shige da ficen kaya, da 'yan dako tara a ƙarƙashinsa. Da kansa ya ajiye aikin, ba korarsa aka yi ba, babu kuma bashin kowa a kansa. Iyalinsa sun koma Agege kusa da surukansa, zirga-zirgar Agege zuwa Ketu kullum ta cinye masa albashi tun da kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Ya ba ni sanarwar wata biyu, ya zauna ya koya wa wanda ya gaje shi, muka ƙirga kaya buhu-buhu, lissafi ya fita daidai, sannan ya miƙa makulli.

A wurinmu duk watan Disamba ni da akantanmu muna ba kowane ma'aikaci maki daga 1 zuwa 5, kowa ya rubuta nasa daban, sannan mu haɗa mu zauna da ma'aikacin. Makin da zan kawo muku na Disambar 2023 ne, shi ne na ƙarshe da aka yi masa.

A riƙon amana maki 5 ya samu, kuma tun da muka fara auna shi bai taɓa sauka daga nan ba. Ba yawan sallarsa ko iya gaisuwarsa na duba ba, abin da idona ya gani na duba. Za ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya har mutane suna sayen tsabar kuɗi da riba. A lokacin tsabar da ke shigowa sito ta hannunsa take bi, kuma masu sana'ar cirar kuɗi sun yi ta zarya wurinsa ya ba su ita su tura ta banki, su ɗora masa nasa kason. Da ya yi, kuɗina za su shigo cif, ba zan taɓa sani ba. Bai yi ba. Da yamma ya kawo kuɗin a ɗaure, ya gaya mini abin da aka yi masa tayi, ya ce idan akwai ribar da za a ci ko a bari, mai dukiya ne zai yanke. Da wannan tsabar muka riƙa sallamar direbobi da 'yan dako a makonnin da wasu situna suka rasa mai sauke musu kaya. Akwai kuma ranar da tirela ta zo daga Dawanau da buhun wake huɗu fiye da abin da ke cikin takardar kaya. Ya ware su gefe, ya sa musu alama da alli, ya kira wanda ya yi lodin a Kano kafin ma ya kira ni.

Kula da kaya ma 5 muka ba shi. Ku da kuke wannan sana'a kun san abin da daminar Legas take yi wa hatsi: iska jiƙe, ƙasa jiƙe, buhu ya kwana biyu a kan siminti sai ƙasansa ya fara wari. Nura ba ya yarda buhu ya taɓa ƙasa ko bango, sai a kan katako, da tazarar da mutum zai ratsa. Kayan da ya riga shigowa shi yake riga fita, ko da ciro shi daga can ƙurya zai sa 'yan dako gunaguni. Wake ne abin da ya fi ƙwarewa a kai. Yakan bi layi da safe yana buga buhu da tafin hannu, ya duba ko gari na zuba, ya zura hannu ya ji ɗumi, sai ya ce wannan ƙwaro ya fara shiga, a fitar da shi a wannan makon. Shi ya matsa mini muka koma amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ga waken da zai daɗe a ajiye. Kuma bai taɓa yarda a zuba wa wake maganin ƙwari na feshi ba, ko da wani dillali ya kawo shawarar, ya ce abin da mutane za su ci ne. Sikelinsa kuwa ba a taɓa dawo mana da ƙorafi a kansa ba.

Mu'amala da abokan ciniki, 4. Yana jin Yarabanci sosai, yana Turancin buroka, kuma iyayenmu mata Yarabawa masu sarin waken oloyin da shi suke son yin ciniki, saboda yana da haƙurin tayi kuma ba ya ɗaga murya. Zuwa aiki kan lokaci ma 4. Latti ya fara ne bayan komawarsa Agege, wanda a wurinku ba zai zama matsala ba.

Yanzu sai inda yake da saura, kuma ina roƙon ku karanta wannan ɓangaren da natsuwar da kuka karanta na sama.

Mafi rauninsa karɓar bashi ne. Maki 2 ya samu, kuma bai taɓa wuce hakan ba. Nura mutum ne mai kunya, kunyar da ke da kyau a gida amma take cin jari a kasuwa. Idan dattijo ko mace mai shekarun mahaifiyarsa ta ce a ba ta kaya zuwa Juma'a, bakinsa ba ya iya cewa a'a, kuma idan Juma'ar ta zo ba ya iya zuwa ya tsaya a ƙofar shago ya ce a biya. A 2022 ya ba wata mai gidan abinci kaya sau uku a jere ba ta biya na farko ba, har bashin ya kai naira 640,000, alhali ƙa'idarmu ba a ƙara wa mai bashi kaya sai ya sauke rabi. Bai ɓoye ba, komai yana cikin littafi da kwanan wata, kobo bai shiga aljihunsa ba. Amma sai da na sa wani ya bi kuɗin wata biyar kafin su fito. Daga nan na cire ba da bashi daga hannunsa gaba ɗaya, kuma na lura shi kansa ya samu sauƙi, domin yanzu yana iya cewa ba shi da iko, a je wurin Alhaji. Shawarata ku yi haka tun ranar farko.

Na biyu, jinkirin kawo labari mara daɗi. A nan ya fara da 2, ya kai 3. Halinsa shi ne idan matsala ta taso sai ya yi ta ƙoƙarin gyara ta shi kaɗai, ba ya son ya ɗaga wa maigida hankali. Rufin sito ya taɓa fara yoyo ta kusurwa guda, ya kwashe kaya daga wurin, ya shimfiɗa tamfol da kuɗinsa, bai faɗa mini ba sai da ruwan sama mai ƙarfi ya jiƙa buhun gero shida. Niyyarsa mai kyau ce, amma da na ji da wuri da mai gyara ya gama aikin a yini ɗaya. Muka yi yarjejeniya duk ranar Asabar zai turo mini rahoton murya ta WhatsApp, ya fara da abin da ya lalace kafin abin da ya tafi daidai. Ya riƙe wannan har ya bar aiki, kuma na ga canji na gaske. Idan kuka sa masa rana da lokaci zai kawo rahoto. Idan kuka bar shi sai ya ga dama, tsohon halin yana iya dawowa.

Jagorancin ma'aikata, 3. 'Yan dako suna ƙaunarsa domin yana raba aiki da adalci kuma ba ya riƙe musu haƙƙi, sai dai idan ɗaya ya yi laifi ya fi son ya ɗauki buhun da kansa da ya tsawata. Mutum tara ya iya da su. Na ji naku sun kai ashirin, don haka zai buƙaci ku tsaya a bayansa a watannin farko, ma'aikata su ga cewa maganarsa taku ce.

Kwamfuta kuwa 2 ne da farko, 3 a ƙarshe. Littafinsa na hannu tsaf yake, rubutu mai kyau, babu goge-goge. Yana iya shigar da kaya a Excel idan an riga an tsara masa shafin, yana aiki da na'urar karɓar kuɗi ta kati, kuma ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi sun shiga asusu, don haka masu alat na bogi ba su taɓa cin nasara a kansa ba. Amma ba zai tsara muku shafin lissafi daga farko ba. Yana da son koyo, wata uku tare da akantanku za su ishe shi.

Duk abin da ke cikin takardar nan na karanta masa kafin in sa hannu. Bai musa ko ɗaya ba, abin da ya roƙa kawai shi ne in ambaci cewa ya fara zuwa ajin kwamfuta na yamma a unguwarsu, ga shi na ambata.

Kun tambaye ni ko zan sake ɗaukarsa. Zan ɗauke shi gobe a matsayin ma'ajin sito, in ba shi makulli in yi tafiya Kano hankalina kwance. Ba zan ba shi littafin bashi ba, kuma ba zan ce ya riƙe ma'aikata ashirin shi kaɗai a shekarar farko ba. A kan wannan sharaɗi nake ba ku shawarar ku ɗauke shi.

Idan akwai abin da kuke son ƙarin bayani, lambar wayata tana wurinsa, ko ku aiko wakilinku sito kowace rana bayan Azahar ban da Juma'a, zan nuna masa takardun makin na shekara huɗu da littattafan da Nura ya riƙe.

Allah ya sa albarka a kasuwa. A gaishe da Alhaji da yara.

Wassalam.

Naku,
Alhaji Kabiru Isa Gwarzo