Tsarin Horar da Ma'aikatan Siton Sharaɗa Kafin Fara Aiki da Sabuwar Manhajar Lissafin Kaya

Daga: Mai kula da ayyukan sito
Zuwa ga: Manaja, Babban Akanta, da shugabannin sassan sito

Ranar Litinin, 2 ga Fabrairu 2026, sitonmu na Sharaɗa zai daina dogaro da babban littafi da katin kaya, ya koma kan sashen `Inventory` na manhajar Odoo da ofishin akanta ya riga ya fara aiki da ita. Mun tsayar da wannan rana ne don hannun mutane ya faɗa kafin azumi, lokacin da 'yan Kasuwar Singa ba sa barin kowa ya zauna saboda neman sukari, madara da man girki. Horon zai ɗauki mako huɗu, daga 5 zuwa 31 ga Janairu.

Waɗanda za a horar

Mutum 12 ne za su taɓa manhajar da hannunsu: sitokifa 4, masu ƙirga kaya 5, shugabannin 'yan dako 2, da mai duba wayabil a bakin get. Na zauna da kowannensu shi kaɗai. Uku ne kawai suka taɓa aiki da kwamfuta. Bakwai suna riƙe da babbar waya, suna tura saƙon murya, suna tura kuɗi, amma ba su taɓa kama maus ba. Sauran biyun ƙaramar waya gare su, kuma ɗayansu, wanda ya girme mu duka a sito, ya fi sakewa da ajami a kan boko.

Kada adadin nan ya ruɗi kowa. Dattijon da nake magana a kansa yana iya duban jerin buhuna daga ƙofa ya ce 340 ne, a ƙirga a samu haka. Aikin sito ba shi za mu koya musu ba, su ne malamanmu a nan. Abin da za a koya musu shi ne inda za su rubuta abin da suka riga suka sani. Duk mai koyarwar da ya shigo da raini, zai fita da aji babu kowa.

Ina kuma roƙon Manaja ya zo da kansa ranar farko ya faɗa da bakinsa cewa ba wanda zai rasa aikinsa saboda kwamfuta. Maganar tana yawo a wurin mai shayi tun watan jiya, kuma mutumin da ke ganin na'ura ta zo karɓar abincinsa ba zai buɗe mata zuciya ba.

Yadda za a zauna

Rukuni uku, mutum huɗu-huɗu, kowa da kwamfutarsa. Ba a haɗa mutum biyu a kan kwamfuta ɗaya, domin wanda ya fi iyawa shi ke ƙwace maus, ɗayan ya koma ɗan kallo. Rukunin farko 7:30 zuwa 8:30 na safe kafin motoci su fara layi, na biyu 2:30 zuwa 3:30 bayan Azahar, na uku 4:30 zuwa 5:30 bayan La'asar. Litinin zuwa Alhamis darasi, Juma'a hutu, Asabar maimaici ga mai so. Awa ɗaya ta isa. Wanda ya wuni a tsaye ba ya ɗaukar fiye da haka.

Bayani duka da Hausa. Sunayen da ke kan allo kuwa za a bar su yadda suke, a koya wa mutane gane su da ido da kuma wurin da suke zama. Ma'aikacin ofishin akanta da ya iya manhajar shi ne mai koyarwa, mutum ukun da suka san kwamfuta kuma a raba su ɗaya-ɗaya cikin rukunan su zama mataimaka. Su ne za a riƙa tambaya bayan an fara aiki, saboda haka za a ƙara musu rabin awa kullum.

Duk atisaye a kan kwafin gwaji na manhajar za a yi, wanda aka zuba wa sunayen kayanmu na gaskiya. A faɗa wa kowa tun farko: a nan ba abin da za ka danna ya ɓata lissafin kamfani.

Mako na farko: sabo da na'ura

Ba za a buɗe manhajar ba sai ranar Alhamis. Litinin da Talata kunna kwamfuta da kashe ta, riƙon maus, danna sau ɗaya da sau biyu, sai maɓallai huɗu da za su fi buƙata: `Enter`, `Backspace`, `Tab` da `Esc`. A fara da lambobi kafin haruffa, tunda yawancin aikinsu adadi ne, kuma duk wanda ya taɓa cire kuɗi a wurin mai POS ya san fuskar lambobi.

Laraba ranar sikana ce. A buɗe shafin rubutu fari, a ba mutum kwalin taliya ya haska, ya ga lambobi 13 sun fito da kansu. A nan yake gane cewa sikana ba ta da wani siddabaru, rubutu kawai take yi masa da sauri. Wanda ya lura cewa kayan gida da yawa suna farawa da 615, a gaya masa ita ce lambar da aka ware wa kamfanonin da suka yi rajista a Najeriya. Tunda hunturu muke ciki, a nuna musu goge gilashin sikana da ƙyalle mai laushi. Ƙura kaɗan ke hana ta karatu.

Alhamis kowa zai karɓi sunan shiga da lambar sirrinsa. Ba aro, ba "ɗan shigar mini da taka". Manhajar tana ajiye sunan wanda ya tabbatar da kowace takarda, kuma ranar da kwali 20 suka yi ƙafa, mai sunan za a kira.

Mako na biyu: karɓar kaya

Nan ne zuciyar horon, kuma idan lokaci ya ƙure gara a rage wani makon da a rage wannan. Kayan da aka shigar ba daidai ba tun a ƙofa, duk lissafin da ya biyo baya ƙarya ne.

Za a yi darasin a cikin sito, kusa da kaya. Mutum zai buɗe `Receipts`, ya nemo takardar motar da ta iso, mai lamba irin `WH/IN/00012`, ya ga adadin da aka yi oda a ƙarƙashin `Demand`. Sai ya bar kwamfutar ya je ya ƙirga, ya dawo ya rubuta abin da idonsa ya gani a `Quantity`, sannan ya danna `Validate`. Ƙa'idar da za a liƙa a bango ke nan: ƙirga, rubuta, sannan `Validate`. A littafi ana iya soke layi da biro. A nan, takarda ta koma `Done` kayan sun riga sun shiga lissafi, gyaran kuma sai ta hanyar `Return` da sanin shugaba.

Ranar Laraba za a kawo musu abin da ke faruwa kullum: wayabil ya ce buhun shinkafa 600, an sauke 580. Manhajar za ta yi tambaya. Idan ragowar 20 na tafe a wata mota, `Create Backorder`. Idan an gama magana da mai kaya cewa ba za su zo ba, `No Backorder`. Wanda bai tabbata ba ya tsaya ya tambaya, mota ta jira minti biyar.

Abin da na fi tsoro shi ne ma'auni. Katan daban, ƙwaya daban; buhu mai kilo 50 daban da mai kilo 25; jarkar lita 25 ba galan ba ce. Mutum ya rubuta 48 yana nufin gwangwani, manhaja ta ɗauka katan 48 ne. Za a ware Alhamis gaba ɗaya a kan wannan, da tarkuna da gangan a cikin atisayen.

Mako na uku: fitar da kaya da sauya musu wuri

`Delivery Orders` tafiyarsa ɗaya da karɓa, sai dai a juye, don haka kwana biyu sun isa. Mai get zai koyi abu guda: mota ba ta fita sai lambar `WH/OUT` da ke kan takardar direba ta nuna `Done`.

Sauya wuri shi ne sabon abu. Kowane layi a sito yanzu yana da suna a manne, misali `WH/Stock/A-03`. An saba a ce wa 'yan dako su matsar da sabulu can baya, shi ke nan. Yanzu sai an yi `Internal Transfers`, in ba haka ba manhajar za ta tura mai lodi inda babu kaya. Shugabannin 'yan dako su ne masu wannan darasi. A ranar ƙarshe a taɓa kayan da ke da ranar lalacewa, madara da tumatirin gwangwani: wanda zai riga lalacewa shi ke riga fita, ko da shi ya zo daga baya. Buhun da ya fashe ko ɓera ya ɓata, `Scrap` ne, kuma sitokifa kaɗai ke da izininsa.

Mako na huɗu: gwaji da ƙidaya

Litinin da Talata za a yi aiki biyu-biyu: duk motar da ta shigo ko ta fita, a rubuta a littafi kamar kullum, a kuma shigar a kwafin gwaji. Da yamma a gwada su. Inda suka saɓa, a bi sawu a gano dalili a gaban wanda ya yi, ba tare da tsawa ba.

Laraba da Alhamis jarrabawa, amma ba ta takarda ba. Kowa zai shiga da lambarsa, ya karɓi mota ɗaya mai giɓi, ya fitar da oda ɗaya mai kaya iri uku, ya sauya wa kaya wuri, ba wanda ya taɓa masa maus. Wanda ya kasa zai sake ranar Juma'a da safe. Idan har yanzu da saura, zai fara aiki tare da mataimaki a gefensa na mako biyu, albashinsa bai motsa ba. Dattijonmu an yarda ya rubuta wa kansa matakan da ajami a kati ya ajiye a aljihu.

Asabar 31 ga Janairu da Lahadi 1 ga Fabrairu sito a rufe yake don ƙidayar kaya gaba ɗaya. Mutum biyu za su ƙirga kowane layi daban-daban, sai adadinsu ya zo ɗaya a shigar a `Counted Quantity` cikin `Physical Inventory`. Babban Akanta ne kaɗai zai danna `Apply`. A sanar da dillalai tun mako guda kafin nan.

Ranar farawa da bayanta

Mai koyarwa zai tare a sito makon farko, daga buɗewa har rufewa. Idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke, akwai takardun wucin gadi masu lamba a hannun kowane sitokifa. A cike su, a shigar da zarar sabis ya dawo, kuma ba wanda zai tashi aiki da takarda ko ɗaya a aljihunsa. Za a kulle tsohon littafi a ofishin Manaja ranar 2 ga Fabrairu, domin muddin yana kan tebur hannu can zai koma.

Abin da nake buƙata daga ofis kafin 2 ga Janairu: kwamfuta 4, sikana 2, firinta 1 ta buga lambobin layuka, inbata da za ta riƙe ɗakin horo awa uku, da kuɗin ƙarin lokaci na kwana biyun ƙidaya. Ina kuma neman a amince da shayi da burodi ga rukunin safe, tunda za su fito gida kafin karin kumallo.

Mai kula da ayyukan sito,
Sharaɗa, Kano