Darasi na huɗu: taƙaita kashe-kashen gida da Tableau croisé dynamique

Ga ɗaliban ajin yamma na nan Damagaram. A makon da ya wuce kowa ya shigar da kuɗin da gidansa ya kashe daga Janairu zuwa Maris. Yau za mu sa Excel ya tattara mana su a taƙaitaccen jadawali, wato Tableau croisé dynamique, mu ga nawa abinci ya ci, nawa ruwa ya ci, wata bayan wata, ba tare da mun rubuta lissafi ko ɗaya da hannu ba. Na yi amfani da sunayen da ke cikin Excel na Faransanci, tunda shi ne a kan ordinatocinmu. Mai na Ingilishi zai ga PivotTable da PivotChart.

Kafin komai, ku duba jadawalinku. Ga yadda ya kamata ya kasance:

```
Rana        Rukuni   Bayani           Kuɗi
03/01/2025  Abinci   buhun hatsi      27000
05/01/2025  Ruwa     garuwa           1500
09/01/2025  Sufuri   kabu-kabu        600
14/02/2025  Lakkal   littattafai      4000
```

Kowace sayayya layinta daban, kowane shafi da sunansa a sama, kuma kada a bar layi wofi a tsakani. A shafin Kuɗi lamba kawai ake so. Wanda ya rubuta 1500 F, ko "jika ɗaya da rabi", ya mayar da lambar rubutu, Excel ba zai tara ta ba. Ku kuma zauna a kan saifa zalla. A kasuwar Dole da dala muke ciniki, amma idan mai tumatir ta ce dala ɗari, 500 za ku shigar.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne shafin Rukuni, domin a nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Idan yau kun rubuta Abinci, gobe Cefane, jibi Kayan miya, Excel zai ɗauke su abubuwa uku, sai kuɗin ciyar da gida ya warwatse har ku zaci kaɗan ne. Ko fili ɗaya da ya maƙale a ƙarshen kalma ya isa ya haifar da sabon rukuni. Ku zauna da uwargida ko maigida ku tsayar da rukuni shida zuwa takwas. A ganina Ruwa ya cancanci nasa rukunin, kada a cusa shi cikin kuɗin kuran: a garin nan idan famfo ya ɗauke lokacin zafi, kuɗin ƴan garuwa kan zama wani babban nauyi, kuma ya kamata a gan shi a fili. Haka ma gudummawar biki da suna, wadda mutane ke jin nauyin rubutawa alhali tana cin albashi.

To, ku danna cikin jadawalin, ku zaɓi Insertion > Tableau, don duk layin da kuka ƙara daga baya ya shiga lissafi. Sannan Insertion > Tableau croisé dynamique, ku amince a buɗe shi a sabuwar takardar Excel, wato Nouvelle feuille de calcul. A hannun dama akwatuna huɗu za su fito. Ku ja Rukuni zuwa Lignes, Kuɗi zuwa Valeurs, Rana zuwa Colonnes.

Ku dubi akwatin Valeurs da kyau. Somme de Kuɗi ake so. Idan kuka ga Nombre de Kuɗi, to ƙirga layuka yake yi, yawanci saboda akwai rubutu cikin lambobin. Ku koma ku gyara, ku danna dama cikin taƙaitaccen jadawalin ku zaɓi Actualiser don ya ɗauki gyaran, sannan ku zaɓi Somme a cikin Paramètres des champs de valeurs.

Daga Excel 2016 zuwa sama ranaku kan haɗu wata-wata da kansu. In ba su haɗu ba, ku danna dama a kan wata rana, ku zaɓi Grouper, ku ɗauki Mois tare da Années, don kada Janairun bana ya cakuɗe da na baɗi.

Mayar da lissafin hoto mai sanduna kuma abu ne mai sauƙi. Ku danna cikin taƙaitaccen jadawalin, ku zaɓi Graphique croisé dynamique, ku ɗauki Histogramme groupé. Kowane rukuni zai fito da sanduna uku, ɗaya ga kowane wata, nan take ido ya kama wanda ya haura. Kada ku ɗauki Secteurs a nan, wata ɗaya kawai zai nuna muku.

Idan kuka ƙara sabon kashi, taƙaitaccen jadawalin ba zai canza ba sai kun danna dama a cikinsa kun zaɓi Actualiser, ko Alt+F5.

Aikin gida: ku shigar da kashe-kashen Afrilu, ku sabunta, sannan ku danna dama a kan wata lamba, Afficher les valeurs > % du total de la colonne. Ranar Asabar kowa ya zo da kason da abinci ya ci a kowane wata.