Sanarwa: Wajabcin sanya hular kwano da takalman kariya

Yamai, Litinin 19 ga Janairu 2026
Daga: Jami'in kula da kariyar ma'aikata
Zuwa ga: Dukkan ma'aikata, ƴan kwantaragi da direbobi

Assalamu alaikum, ƴan uwa abokan aiki.

Daga ranar Litinin 2 ga Fabrairu 2026, ba wanda zai ƙetare jan layin da ke ƙofar sashen walda, sashen yankan ƙarfe da filin lodi sai da hular kwano a kansa da takalmin kariya a ƙafarsa. Dokar ta hau kan kowa, har shugabanni da baƙi, ko da minti ɗaya mutum zai yi ciki.

Kun san abin da ya faru a filin lodi watan jiya. Sandar ƙarfe ta suɓuce daga mota ta faɗo wa wani yaronmu a ƙafa, yana sanye da silifa. Ni na riƙe shi har asibiti, jini ya jiƙe rawanin da muka ɗaure masa. Yatsu biyu sun karye, kuma har yau yana gida. Bakin takalmin da muka sayo an yi shi ne ya jure nauyin kilo 20 da ya faɗo daga tsawon mita ɗaya. Da shi ne a ƙafarsa ranar, da ina kyautata zaton da ƙafarsa zai koma gida.

Kayan kyauta ne, ba za a cire ko dala daga albashin kowa ba. Dokar aiki ta ƙasa, ta 2012, ta ɗora wa mai masana'anta nauyin kare lafiyar ma'aikatansa. Kowa ya ba shugaban sashensa lambar ƙafarsa kafin Juma'a 23 ga wata. Rabo zai fara ranar 26 a ɗakin ajiya, daga ƙarfe 8 na safe.

Na san za a ce zafi, ga azumi na tafe, ga Afrilu a bayansa. Gaskiya ne, ni ma kaina yana gumi. Amma don Allah kada a huda hular don iska ta shiga, kada a cusa wata hula ko rawani a ƙarƙashinta. Ratar da ke tsakanin kwanon da maɗaurin ciki ita ke shanye bugu. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a kawo a canza, ko ba ta tsage ba. Hular babur ba ta wadatar ba. Takalmi kuma a ɗaure igiya, ban da take dunduniya. Mun ajiye benci kusa da wurin alwala don a ji daɗin cirewa da mayarwa.

Wanda ya zo babu kaya, mai gadi ba zai bar shi ya shiga ba. Karo na farko gargaɗin baki, na biyu takarda, na uku maganar ta wuce ofishin kula da ma'aikata. Wanda takalmi ya matse shi kada ya jure, ya same ni a ofis kafin a tashi aiki mu canza masa.

Allah Ya tsare mu, Ya mai da kowa gida lafiya.

Jami'in kula da kariyar ma'aikata