Makonki na farko a Rabat: abin da za ki yi daga Lahadi zuwa Asabar

Mariama ƙanwata, ga tsarin kwanakin kamar yadda Inna ta ce in rubuta miki. Ki kwafe shi a takarda ki sa cikin jakar hannu, kada ki dogara da waya kaɗai. Makon nan na takardu ne, yawon ganin gari yana nan yana jiranki.

Kafin tashi

Juma'a da asuba za ki bar Tawa, ki bi ta Ƙonni, Dogondutsi da Dosso, ki kwana gidan Kawu Isufu a Yamai. Asabar da safe ya raka ki ki canza kuɗinki zuwa yuro, domin sefa ba ta canzuwa cikin sauƙi a Maroko. Fasfo, asalin takardar bak da ta sakamakonta, takardar haihuwa, takardar burs ta ANAB, katin rigakafi da hotunan fasfo masu yawa, duka a jakar hannu. Ko ɗaya kada ya shiga babban akwati. Kilishi da yajin da Inna ta haɗa miki su ne na akwati.

Lahadi: sauka

Jirgin Royal Air Maroc zai tashi daga filin Diori Hamani cikin dare, ki wayi gari a filin Mohammed V na Kasablanka. Wurin 'yan sandan iyaka za a tambaye ki inda za ki sauka, ki nuna adireshin Salamatu, wadda za ki sauka a ɗakinta a Rabat, da takardar burs. Za su buga miki hatimi tare da wata lamba a fasfo. Lambar nan ki rubuta ta a wani wuri daban, za a yi ta tambayarki ita a ofisoshi.

Ki canza yuro kaɗan a nan, na jirgin ƙasa da abinci kawai. Dirhami ɗaya ya kai wajen sefa 60. Ki sayi layin waya, Maroc Telecom, Orange ko Inwi, ki kira Inna tun kina tsaye a wurin, kin san ba za ta sa komai a baki ba sai ta ji muryarki.

Masu taksi za su tare ki a bakin ƙofa, ki ce musu a'a cikin ladabi ki wuce. Tashar jirgin ƙasa tana ƙasan ginin filin jirgin. Ki yanki tikiti har Rabat Agdal, ki sauka a Casa Voyageurs ki canza jirgi. Daga nan tafiyar kamar awa ɗaya ce. Salamatu za ta jira ki a Rabat Agdal. A ɗakinta za ki sauka har a ba ki naki. Ki yi wanka, ki rama sallolinki, ki yi barci.

Litinin: AMCI

Wannan ita ce babbar rana. AMCI ita ce hukumar Maroko mai kula da ɗaliban ƙasashen waje masu burs, kuma duk sauran takardunki daga hannunta suke farawa: izinin rajista a jami'a, shaidar burs, da maganar ɗaki. Lokacin buɗe makarantu ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama ke cika wurin, saboda haka ku bar gida da sassafe, ki karya kumallo kafin ki fita, ki riƙe ruwa. Idan layi ya yi tsawo kada ki ce bari in dawo gobe, goben ma haka za ki tarar.

Duk takardar da aka miƙa miki, ki duba sunanki harafi bayan harafi kafin ki bar gaban tebur. A fasfonki Mariama aka rubuta. Idan wani ya buga Mariam, ki roƙa a gyara nan take. Kuskuren harafi ɗaya zai bi ki daga katin ɗaliba har takardar kammalawa, kuma gyaransa daga baya wahala ce ba kaɗan ba. A nan ne kuma za ki rubuta sunanki na neman gado a gidan kwanan ɗaliban ƙasashen waje, Cité Universitaire Internationale. Gadaje ba sa isar kowa, wanda ya riga shi ke samu.

Talata: hatimi da ambasad

Da safe ki yi fotokopi na komai, ki kai ofishin unguwa da suke kira mukaɗa'a a buga musu hatimin tabbatarwa. Asalin takarda nunawa ake yi a mayar cikin jaka. Idan wani ofishi ya ce dole ya riƙe na asali, ki karɓi rasit. Bayan azahar ki je ambasad ɗin Nijar ki yi rajista ki nemi katin konsula. Yara da yawa suna raina shi, sai ranar da fasfo ya ɓata su san amfaninsa.

Laraba: rajista a jami'a

Tsangayar Kimiyya ta Jami'ar Mohammed V tana Agdal, kan titin Ibn Battouta. Ki nemi ofishin da aka rubuta Scolarité a ƙofarsa, ki miƙa izinin AMCI da kofen takardunki. Abin da kike nema ki fito da shi, ko a faɗa miki ranar karɓarsa, shi ne takardar shaidar rajista. Ba ita, ba katin zama. Kafin ki tafi ki ɗauki hoton jadawalin darussa a allon sanarwa, ki kuma gano ɗakin da za ki shiga ranar Litinin. Wataƙila an riga an fara karatu, ki nemi wata 'yar aji ta ara miki littafinta.

Maganar hawa mota, tunda yau za ki fara fita ke kaɗai. Tiram ya fi komai sauƙi, yana haɗa Rabat da Sale. Ki sayi tikiti kafin ki shiga, ki buga shi a na'ura, don masu bincike suna cin tara. Ƙaramar taksi shuɗiya ce a Rabat, mutum uku take ɗauka, tana da mita, kuma ba ta fita daga gari. Ki ce a kunna mitar tun kafin a tashi. Babbar taksi fara ce, ta haɗaka, kowa ya biya kujerarsa. Bayan isha'i kada ki fita ke kaɗai a makon nan.

Alhamis: katin zama

Ki je ofishin baƙi na hedikwatar 'yan sanda ki karɓi jerin abin da ake buƙata na bana. Yawanci fasfo ne, shaidar rajista, shaidar burs, shaidar wurin zama, takardar likita, takardar rashin laifi da hotuna. Doka ta ba ki kwana 90 daga ranar shigarki. Ki ga kamar suna da yawa, amma kowace takarda tana jiran wata, kwanaki kuma suna tafiya. Ranar da kika ajiye dosiye za a ba ki resepise, shi za ki riƙa yawo da shi har kati ya fito.

Juma'a da Asabar

Juma'a da safe ki ƙarasa abin da ya saura, don lokacin salla aiki yana yin sanyi a ofisoshi. Idan maƙwabta suka aiko da kuskus, ki karɓa da godiya, al'adarsu ce ta ranar. A masallaci za ki ji ƙira'ar Warshu, irin ta makarantar allo.

Asabar ku shiga kasuwar tsohon gari ta Bab El Had ki sayi bargo mai kauri, tukunya, bokiti da rigar sanyi. Sanyinsu mai laima ne, yana zuwa da ruwan sama, ɗakuna kuma suna riƙe shi. Ki kula da lissafi: masu kayan miya sukan faɗi kuɗi da riyal, kamar yadda muke ƙirga dala, kuma riyal 20 ne dirhami ɗaya. Ki bar Salamatu ta yi ciniki, ke ki saurara. Da yamma za ta kai ki wurin 'yan ƙungiyar ɗaliban Nijar, ki gaishe su, ki karɓi lambar wadda ke sashenku. Idan har Asabar ɗin ba a ba ki ɗaki ba, kada ki biya wa kowa kuɗin haya sai mun yi magana.

Yayarki, Ramatu