Gudunmawar jini ranar Asabar: a rubuta suna da lokaci

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon saƙon, a daure a karanta har ƙarshe.

Kun tuna daren da aka nemi jinin O negative wa matar ɗan'uwanmu da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Ƙarfe 2 na dare muna bisa kabu-kabu daga Mabera zuwa Runjin Sambo muna buga ƙofofi, mijinta na tsaye bakin ɗakin haihuwa da takarda a hannu, ya kasa ko zama. Allah ya sa an dace. Tun ranar nake cewa gara jinin ya jira mara lafiya a firji.

Ranar Asabar, 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, ma'aikatan ajiyar jini na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su zo harabar Islamiyyarmu da gadaje huɗu. Leda ɗaya ake ɗauka, kimanin mililita 450, cikin minti 10. Duk mai shekara 18 zuwa 65 da nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya, in ya cika wata uku rabonsa da bayarwa, mace wata huɗu. Ban da mai ciki, mai shayarwa da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Allura sabuwa ce, a gabanka za a ɓare ta. Gwajin ciwon hanta da HIV kuwa sirri ne tsakaninka da likita, ko ni ba zan gani ba.

Rukuni uku ne, kowane mutum 15:
A: 8:00 zuwa 10:00 na safe
B: 10:00 zuwa 12:00
C: 2:30 zuwa 4:00, bayan Azahar, mata zalla, ma'aikaciya mace ce za ta ɗiba.

Don Allah kar a turo min hoton babban yatsa ko "Allah ya ba da lada" kawai. Bara mutum 40 suka yi haka, 17 suka zo, muka ji kunyar ma'aikatan. Ka rubuta sunanka da harafin rukuninka kafin Isha'in Alhamis. In uzuri ya taso, sanar da ni da wuri in sa wani.

A karya kumallo sosai, a sha ruwa, kun san ranar Sakkwato. Mai azumin nafila ya ɗaga zuwa wata rana.

Wanda ba zai iya bayarwa ba, akwai aikinsa. Ina neman mutum biyu a teburin rajista, uku su kafa rumfa tun 7:00, da mai Keke Napep ɗaya da zai mai da mata gida. Hajiya, uwarmu, kunun zaƙin nan da kika yi bara muna roƙo a maimaita. Baba Liman, a taimaka da sanarwa bayan Juma'a.

Na fara da kaina: rukunin A, gado na farko.